Layi biyu a waya ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan kira, saƙo da data

Yawancin rikicin da mai sim biyu ke shiga, daga katin da ke ƙarewa ba dalili zuwa masu cewa sun kira sun ji waya a kashe, tushensa ɗaya ne: wayar tana riƙe da layi biyu, amma ba ta iya yi musu aiki cikakke a lokaci guda. Dole ta zaɓa, kuma idan kai ba ka zaɓa mata ba, za ta zaɓa da kanta. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan wannan zaɓin suke.

Layukan biyu suna aiki tare ne a lokaci guda?

Suna jira tare, amma ba sa magana tare. Kusan duk wayoyi masu sim biyu da ke hannun mutane an ƙera su ne a kan tsarin da masu ƙira ke kira DSDS. A wannan tsarin, kayan da ke aikawa da karɓar sigina a cikin wayar layukan biyu ne ke raba su. Muddin ba ka kan kira, wayar tana leƙa wannan layin, ta leƙa wancan, cikin saurin da ba za ka lura ba, don haka kira ko saƙo zai iya shigowa ta kowanne. Da zarar ka ɗaga kira a layi ɗaya, sai ya riƙe kayan, ɗayan ya koma gefe har ka gama. Kamar mai gadi ɗaya ne da aka ba ƙofa biyu: yana zagaya su duka, amma idan baƙo ya tsayar da shi a ta gabas, mai ƙwanƙwasa ta yamma ba zai samu kowa ba.

Akwai wani tsarin, DSDA, wanda layukan biyu ke iya aiki tare ko ana kan kira. Wayoyin da ke da shi ba su da yawa. Idan ba ka ga an rubuta shi ƙarara a bayanin wayarka ba, ɗauka cewa irin ta farko ce.

Mene ne ainihin abin da zaɓin kira, saƙo da data ke canzawa?

Zaɓin kira da na saƙo abin da ke fita kawai suke shafa. Idan ka sa layi na ɗaya ya zama na kira, ma'anarsa duk lambar da ka danna ta nan za ta fita, daga katinsa za a cire kuɗi, kuma lambarsa ce wanda ka kira zai gani. Bai hana wanda ya kira layi na biyu samunka ba. Haka saƙo: duk wanda aka turo wa kowace lamba zai shigo, ko da wane layi ka zaɓa.

Data ba haka take ba. Layi ɗaya ne kacal ke ɗaukar intanet a kowane lokaci. Galibi waya ba ta haɗa datar layi biyu don ta ƙara gudu, ba ta kuma raba manhajoji ta ce wannan ya bi nan, wancan ya bi can. Layin da ka zaɓa shi ne ke ɗauke da komai: bincike, bidiyo, taswira, sabunta manhajoji, har da intanet ɗin da ka raba wa kwamfuta ko wata wayar.

Zaɓuɓɓukan uku ba su dogara da juna ba. Kira na iya zama a layi na ɗaya, data a na biyu, saƙo a duk wanda ka ga dama.

A ina zan samu wannan saitin?

Sunayen sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma daga sabuntawa zuwa sabuntawa. A Samsung, shiga Settings, sai Connections, sai SIM manager. A nan za ka ga Calls, Messages da Mobile data, kowanne da layin da aka ba shi. A wayoyin Pixel da masu kama da su, Settings ne, sai Network & internet, sai SIMs. A Xiaomi da Redmi, SIM cards & mobile networks ake kiran wurin. Idan taka ba ta cikin waɗannan, rubuta SIM a wurin bincike da ke saman Settings, zai kai ka.

A iPhone, shiga Settings, sai Cellular. A wasu ƙasashe Mobile Service ko Mobile Data ake rubutawa. Default Voice Line shi ne layin kira da saƙo ga wanda ba ka taɓa magana da shi ba, Cellular Data kuma layin intanet.

Kafin ka taɓa komai, ka ba kowane layi suna. SIM 1 da SIM 2 ba sa gaya wa ido komai a lokacin da kake sauri, amma "Aiki" da "Gida", ko "Kira" da "Data", suna yi. Wayoyi da yawa suna bari ka ba kowanne launi ko alama ma. Aikin minti ɗaya ne, kuma shi ne ke rage kiran kuskure fiye da kowane saiti.

Wanne ya fi: in tsayar da layi ɗaya na kira, ko wayar ta riƙa tambayata kullum?

Ya danganta da dalilin da ya sa ka riƙe layi biyu. Idan layi na biyu don data kawai ka saye shi, ba ka so kowa ya san lambarsa, tsayar da na farko a kan kira ka manta da batun. Tambayar kullum a nan ɓata lokaci ce, kuma wata rana yatsa zai zame, ka kira mutum da lambar da bai sani ba, ya ƙi ɗagawa.

Idan kuwa kana da mutane kashi biyu, na aiki da na gida, zaɓin tambaya ya fi amfani. A Android sunansa Ask always ko Ask every time. Sai dai yana da matsala ɗaya da ba a cika faɗa ba: idan kana kira ta na'urar kunne ko ta allon mota, tambayar na iya fitowa a fuskar wayar da ke cikin aljihu, kiran ya tsaya yana jiranka. Mai yawan kira a kan tuƙi gara ya tsayar da layi ɗaya.

iPhone ba ta da tambayar kullum irin wannan. Ita tana tuna layin da ka yi amfani da shi na ƙarshe ga kowane mutum, ta ci gaba da shi. Za ka iya buɗe sunan mutum a Contacts ka tsayar masa da layin da kake so. Manhajar kira ta wasu wayoyin Android ma tana bari a yi haka. A ganina wannan ya fi duka dacewa ga mai raba aiki da gida, domin sau ɗaya ake zaɓa wa kowane mutum, ba kullum ba.

Me ya sa mutane ke cewa sun kira ni sun ji waya a kashe, alhali a kunne take?

Duba lokacin da suka kira. Sau da yawa za ka tarar kana kan wani kiran ne a ɗaya layin. Tunda layin da suka nema ya koma gefe, kamfanin sadarwar bai gan shi ba sam, don haka ba zai ce musu kana magana ba, cewa zai yi ba a samun lambar, ko ya tura su akwatin saƙon murya. Abin da ya fi ciwo shi ne kai ba za ka ga alamar kiran da ka rasa ba, domin bai taɓa isowa wayar ba, sai dai idan kamfaninka na turo saƙon sanar da wanda ya nema.

Gwada da kanka: kira wani da layi na ɗaya, kana cikin maganar ka sa a kira layi na biyu da wata wayar. Abin da mai kiran ya ji shi ne amsarka.

Magani biyu ne. Na farko shi ne karkatar da kira: ka umarci kamfanin layi na biyu cewa duk lokacin da bai same ka ba, ya tura kiran zuwa layi na ɗaya. Ana danna wannan lambar ne ta layin da ake so a karkatar, a sa lambar ɗaya layin a tsakiya:

```
**62*lambar ɗaya layin#
```

Don kiran da aka karkatar ya iya shigo maka kana kan magana, dole layin da zai karɓa ya kasance da jiran kira a kunne. Ana kunna shi da wannan, ta shi layin da zai karɓa:

```
*43#
```

Domin duba inda kiran ke tafiya, da kuma sokewa:

```
*#62#
##62#
```

Samsung na da saitin da ke yi maka wannan aikin, Dual SIM always on, amma a ƙarƙashinsa karkatarwar ce dai. Ka san cewa ba kyauta ba ce a yawancin kamfanoni. Mai kira yana biyan nasa har zuwa layi na biyu, kai kuma kana biyan tafiyar kiran daga layi na biyu zuwa na ɗaya, kamar kai ka kira. Idan babu kati a layi na biyu, karkatarwar na iya ƙin aiki. Sannan lambar 62 ɗin nan ita ce kamfanoni da yawa ke amfani da ita wajen tura kira zuwa akwatin saƙon murya, don haka idan ka canza ta, ka maye gurbinsa ke nan. Duba abin da ke ciki ka rubuta kafin ka canza.

Magani na biyu ya fi tsafta, amma sai kamfani da waya sun yarda: Wi-Fi Calling. Idan yana kunne a layin da ke gefe, kiransa na iya biyowa ta intanet, ko ta Wi-Fi ko ta datar layin da kake magana a kai, ya shigo maka kamar kowane kira mai jira. A iPhone wannan na buƙatar a bar wayar ta iya sauya layin data, kuma wannan sauyawar tana da nata haɗarin, kamar yadda za a gani a gaba.

Me ya sa intanet ke ɗaukewa duk lokacin da nake waya?

Idan kiran a layin da ba na data ba ne, dalilin shi ne wanda aka faɗa a sama: layin data ya koma gefe. Taswira za ta tsaya, saƙonni su daina shigowa, kwamfutar da ka raba wa intanet ta yanke, har ka ajiye.

Idan kuwa kira da data duk a layi ɗaya suke amma intanet na ɗaukewa ko yin rauni, to VoLTE ne babu. Shi ne ke sa murya ta bi ta 4G. Idan ba shi, wayar na sauka zuwa 3G ko 2G don ta yi kiran. A 3G intanet na ci gaba amma a hankali, a 2G kuwa yawanci tsayawa take gaba ɗaya. Za ka gane ta hanyar kallon saman allo lokacin da kira ya shiga: idan 4G ta koma H ko 3G ko E, ko ta ɓace, abin da ya faru ke nan. Nemi VoLTE a saitin layin ka kunna. Idan babu shi a jerin, ko dai kamfanin bai bayar ba, ko bai amince da samfurin wayar ba.

Kati na ƙarewa a layin da ban ma sa shi a kan data ba. Ina yake tafiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin asarar kuɗi ce da mutum ba ya gani.

Masu ƙera waya sun san mutane ba sa son intanet ta yanke, sai suka sa wani maɓalli da ke ba wayar izinin tsallakawa zuwa ɗaya layin da kanta. A iPhone sunansa Allow Cellular Data Switching. A Samsung Data switching ne ko Auto data switching. A Pixel Automatic data switching, a tsofaffinta kuma Data during calls. Aikinsa shi ne idan layin data ya gaza, ko don kana kan kira a ɗayan, ko don sabis ɗinsa ya ɗauke, wayar ta ci gaba da intanet ta layin da ke samuwa. Ba ta duba ko akwai data a can. Ba ta san ma me ka saya ba.

A ɗauka wata ma'aikaciya tana da layi biyu. Tsohon layinta shi kowa ya sani, shi banki ke turo wa saƙo, kati kawai take sa masa. Sabon kuma ta saya masa datar wata. Ta saita komai daidai: kira da saƙo a tsoho, data a sabo. Tana zaune ta raba wa kwamfutarta intanet, kwamfutar na sauke fayil mai nauyin megabait 400. Ya kai rabi sai aka kira ta a tsohon layi, ta yi minti goma sha biyar tana magana. Sabon layin ya koma gefe. Tunda maɓallin sauyawa a kunne yake, wayar ta mayar da intanet kan tsohon layi, sauran megabait 200 suka bi ta can. Tsohon layin ba shi da data, sai kamfanin ya cire daga katin kira, a farashin wanda bai sayi data ba, wanda yawanci ya fi na mai saye tsada nesa ba kusa ba. Ta ajiye waya, intanet ta koma sabon layi, saiti na nuna komai yadda ta bar shi. Da yamma ta zo kira aka ce mata katinta bai isa ba, alhali kiran da ta amsa ɗazu ba ita ta buga ba.

Ga yadda za ta tabbatar. Ta shiga saitin tsohon layin ta duba lissafin datar da ya ci. Layin da ba a taɓa ba shi data ba, kamata ya yi ya nuna sifili ko kusa da haka; idan ta ga megabait masu yawa, ta kama ɓarawon. Idan tana son ƙarin shaida, ta duba ragowar katinta, ta kunna bidiyo a kwamfutar, ta sa wani ya kira ta a tsohon layin na minti ɗaya, sannan ta sake dubawa. Dole kiran ya zama mai shigowa, domin idan ita ta kira, kuɗin kiran zai gauraya da na data. Idan bidiyon bai tsaya ba kuma kati ya ragu, magana ta ƙare.

Gyaran shi ne ta kashe maɓallin, ta haƙura da yankewar intanet lokacin kira. Idan aikinta ba zai jure yankewar ba, to ta saya wa tsohon layin 'yar ƙaramar data ta bar maɓallin a kunne, ko ta mayar da kiranta da datarta layi ɗaya. Abin da bai kamata ba shi ne maɓalli a kunne, layi babu data, kati a ciki. Wasu kamfanonin suna da hanyar hana a taɓa katin kira don intanet. Idan naka na da ita, kunna ta a duk layin da ba na data ba.

Na amsa saƙo, sai ya fita da lambar da ba ita aka turo wa ba. Me ya faru?

Manhajojin saƙo da yawa suna haɗa hirarka da mutum wuri ɗaya ko ta wane layi ya rubuto. Wasu suna amsawa ta layin da saƙon ƙarshe ya shigo, wasu ta layin da ka tsayar a saiti. Kafin ka danna turawa, dubi kusa da maɓallin ko cikin wurin rubutu, akwai ƙaramar alama mai 1 ko 2, ko sunan layin. Taɓa ta ka sauya. A iPhone sunan layin na saman hirar.

Wannan yana da nauyi idan kana tura saƙo zuwa gajeriyar lambar banki ko ta kamfanin sadarwa, domin lambar da saƙon ya fito daga ita suke dubawa. Haka lambobin da ake dannawa masu tauraro da shinge: ta layin kira suke fita. Wanda ya danna lambar sayen data ba tare da duba layi ba, zai iya saya wa layin da bai yi niyya ba, ko lambar ta ƙi aiki don ba ta wannan kamfanin ba ce.

Wani abu da ya shafi mai rubuta Hausa kai tsaye: saƙon tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, iyakar ta koma 70. Saƙon da ka ɗauka ɗaya ne sai a caje ka biyu ko uku. Idan ɗaya daga layukanka na da saƙonnin kyauta, shi ya kamata ya riƙe saƙo.

Lambar sirrin da banki ke turowa za ta shigo idan layin ba shi ne na saƙo ba?

Za ta shigo, muddin layin na kunne kuma yana da sabis. Idan kana kan kira a ɗaya layin, za ta iya makalewa har ka ajiye, kuma irin waɗannan lambobin ba sa daɗewa kafin su lalace. Gama kiran kafin ka nema.

WhatsApp ɗina a kan layi na ɗaya yake. Dole data ta zama a kansa?

A'a. Lambar sau ɗaya ake buƙatarta, ranar rajista, don karɓar lambar tabbatarwa. Bayan haka manhajar intanet kawai take nema, ko daga layi na biyu, ko daga Wi-Fi. Kiran da ka yi a cikinta ma data yake ci, bai da alaƙa da layin da ka zaɓa na kira. Kuma irin wannan kiran ba ya tura ɗaya layin gefe kamar kiran waya, shi ya sa kiran waya ke iya shigowa ya katse shi.

Sai dai kada ka bar layin rajistar ya mutu don ba ka amfani da shi. Kamfanoni na karɓe layin da ya daɗe ba a taɓa ba su sayar wa wani, kuma ranar da ka canza waya, ga sabon mai lambar saƙon tabbatarwa zai tafi. Tun 2023 WhatsApp ta fara bari a riƙe asusu biyu a manhaja ɗaya a Android, kowanne da lambarsa.

Na mayar da data kan ɗaya layin, intanet ta ƙi zuwa.

Ba ta rabin minti tukuna, domin sai wayar ta saki wancan ta yi rajista da wannan. Idan shiru, kunna Airplane mode ka kashe. Idan har yanzu shiru, tabbatar akwai data a layin, sannan ka dubi saman allo. In akwai sandunan sabis amma babu 4G ko LTE ko 5G kusa da su, abin zargi shi ne APN, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet ɗin kamfanin. Kowane layi da nasa. A Android yana ƙarƙashin Access Point Names a saitin layin. Zaɓi Reset to default. Idan jerin fanko ne, sai ka karɓi bayanan daga kamfanin ka rubuta da hannu.

Akwai bambanci tsakanin ramin sim na ɗaya da na biyu?

A sababbin wayoyi kusan babu, layukan biyu na iya zama a 4G tare. A tsofaffi akwai. Wasu rami na ɗaya ne kawai ke da 4G. Wasu kuma duk layin da ka ba data shi ke samun 4G, ɗayan ya faɗa 2G ko 3G. Wannan ya zama babbar matsala a ƙasashen da kamfanoni suka rufe 2G da 3G: layin da ba na data ba sai ya rasa sabis gaba ɗaya, mai waya ya ɗauka sim ɗin ne ya lalace. Gwajin mai sauƙi ne. Mayar da data kan layin da ya mutu. Idan ya farfaɗo ɗayan kuma ya mutu, wayar ce ta tsufa, sim lafiyarsa lau.

A wasu wayoyin rami na biyu na haɗaka ne, ko sim ko memori, ba duka biyu ba. Kowane rami kuma yana da lambar IMEI tasa, wato lambar shaidar waya mai lamba 15, ana ganinsu da wannan:

```
*#06#
```

eSIM fa? Yana canza wani abu a cikin duk wannan?

Bai canza ba. Layi ne da ake saukewa cikin wayar maimakon a cusa, kuma a saiti daidai yake da na roba. iPhone ta fara ɗaukar layi biyu ne a 2018 da XS da XS Max da XR, daga iPhone 13 kuma eSIM biyu na iya aiki tare. Waya na iya ajiye eSIM da yawa, amma layi biyu ne kawai ke iya zama a kunne a lokaci guda. Ka kula da bambancin kashewa da gogewa. Wanda ka kashe yana nan, za ka kunna shi duk ranar da ka so. Wanda ka goge, sau da yawa sai ka koma wa kamfanin ya ba ka sabo.

Zan yi tafiya wata ƙasa. Yaya zan tsara su?

Layin ƙasar da ka sauka ya riƙe data da kiran da za ka yi a can. Layin gida ka bar shi a kunne don saƙon banki, amma ka kashe masa Data roaming, wato amfani da data a ƙasar waje, ka kuma kashe sauya data ta atomatik, domin abin da ya ci katin ma'aikaciyar can a gida, a waje ninkinsa zai ci. Karɓar saƙon tes a waje kyauta ne a yawancin kamfanoni, amma amsa kira ba kyauta ba ne. Idan ka taɓa saita karkatar da kira tsakanin layukanka, soke ta kafin ka tashi. Wannan lambar na soke duk wata karkatarwa a layin da aka danna ta:

```
##002#
```

Tabbatar kuma wayar ba a kulle take ga kamfani ɗaya ba, in ba haka ba layin waje ba zai yi aiki a cikinta ba.

Layi biyu na cin batir?

Yana ci, amma kaɗan ne idan duka biyun na da sabis mai kyau. Wanda ke zuƙe caji shi ne layin da ke wurin da sabis ɗinsa ke da rauni ko babu, domin wayar ba ta daina nema, kuma tana ƙara ƙarfin sigina don ta kai. Idan za ka yini a inda ka san layi ɗaya ba ya kamawa, kashe shi a saiti, ba sai ka cire ba.

Na saita komai, bayan kwana biyu na tarar ya canza. Wa ya taɓa?

Galibi ba kowa. Idan ka cire sim ka mayar, ko ka musanya musu rami, ko ka kashe layi ɗaya na ɗan lokaci, wayar na kwashe kira da saƙo da data ta ɗora wa wanda ya rage, kuma ba kowace waya ce ke mayar da su ba idan ɗayan ya dawo. Haka yake faruwa idan layi na da lambar PIN ka tsallake ta bayan kunna waya: layin na kulle, sai ɗayan ya ɗauki komai. Babbar sabuntawar tsarin waya da Reset network settings ma na iya mayar da zaɓinka yadda ya zo daga kamfani. Bayan kowanne daga cikin waɗannan, koma shafin sim ka duba abu huɗu kafin ka buɗe wata manhaja: layin kira, layin saƙo, layin data, da maɓallin sauya data.